Na rubuta "Na ɗauka" a guruf, ciniki ya hau kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Nima, cikin Accra, ina sana'ar albasa a kasuwar Adjen Kotoku. Muna da guruf na 'yan albasa a WhatsApp. Ranar Talata bayan asuba wani Alhaji ya rubuta: "Albasar Galmi buhu 30, an sauke, sidi 900 kowane buhu, kuɗi hannu yau." Sai gaishe-gaishe suka shigo, wani kuma ya tallata buhu 10 na 'yar Bawku. Bayan minti bakwai na ja saƙon Alhaji na rubuta "Na ɗauka", ya ce "To, naka ne." Kafin azahar motoci suka shigo, farashi ya faɗi, sai na goge saƙona. Alhaji ya ce sai na biya. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini babu ciniki, don ban ambaci kaya ko kuɗi ba, kuma maganganu sun shiga tsakani. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ciniki ya ƙullu. Buhu 30 naka ne, sidi 27,000 kuma na Alhaji ne a wuyanka.

Cewa rubutu yana tsayawa matsayin magana a saye da sayarwa, wannan ba sai mun tsaya ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da shi a zamanta na Jidda a 1990 game da na'urorin sadarwa, ta keɓe ɗaurin aure, da canjin kuɗi, da cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a kawo kaya daga baya. Albasarka ba ta cikin waɗannan, tunda an riga an sauke ta.

Hukuncin yana rataye ne a wata kalma da ka faɗa a wuce: ka ce ka ja saƙon Alhaji. Idan mutum ya yi haka, maganar Alhaji takan fito a saman amsarsa, kowa a guruf yana ganin su tare. Malamai suna da ƙa'ida cewa tambaya ana maimaita ta a cikin amsa. Wanda aka ce masa "ina bin ka ɗari" ya ce "e", kamar ya ce "e, kana bi na ɗari" ne. To kai ma "Na ɗauka" ɗinka ta kwaso duk abin da ke samanta: irin albasar, yawan buhunan, farashin, har da sharaɗin biya a ranar. Ba ka da damar ka ce buhu 10 kake nufi, ko sai Juma'a za ka biya, domin ba ka keɓe komai ba a lokacin.

Da ba ka ja saƙon ba, da amsata ta canja. Tallace-tallace biyu ne a gabanka, na Bawku ma shi ya fi kusa da amsarka, don haka da sai a tambaye ka wanne ka nufa, a duba alamu, in ta kama a rantsar da kai. Ko a nan ma, shirun da ka yi bayan Alhaji ya ce "naka ne" a gaban jama'a zai zama alama mai nauyi a kanka.

Maganar ɗalibin nan kuwa, ina kyautata masa zato, amma ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Sharaɗin shari'a shi ne a san kaya a san kuɗi. Ba dole ba ne mai saye ya sake karanto su da bakinsa. A mazhabar Imam Malik, wadda mafi yawanmu a zango muka tashi a kanta, ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, ko da miƙa kuɗi da karɓar kaya ne babu magana. Mai sayen koko da safe ya taɓa cewa "na saya"? In miƙa hannu ya isa, yaya kalma biyu rubutattu, manne da tallan, za su kasa? Alƙur'ani ma cike yake da amsa guntuwa. A Suratul A'araf an tambayi 'yan wuta ko sun sami alkawarin Ubangijinsu gaskiya, suka ce "na'am" kawai, kuma ta zama cikakken iƙirari. Sai batun maganganun da suka shiga tsakani. Abin da ke yanke tayi daga karɓa shi ne wanda a al'ada yake nuna an bar zancen: mai kaya ya janye, ko ya sayar wa wani, ko lokaci ya ja har kasuwa ta san tayin ya mutu. Gaisuwar mutum na uku ba ta yanke komai. A rumfa ma kuna ciniki wani ya yi sallama, a amsa, a ci gaba. Minti bakwai kuma a tallan da aka ce "yau" ba jinkiri ba ne. Idan ya ce ai tallan guruf ba kai aka nufa da shi ba, kira ne kawai ga masu so, to mu bi shi a haka: sai "Na ɗauka" ta zama tayi daga gare ka, "To, naka ne" ta zama karɓa daga Alhaji. Ta kowace hanya aka bi, an isa wuri ɗaya. Ko waɗanda suke ba mai saye zaɓi kafin a tashi daga majalisi ba za su fisshe ka ba, domin daga asuba zuwa azahar kowa ya kama gabansa.

Goge saƙon bai warware komai ba, kuma shi ne ya fi damuna a wasiƙarka. Wancan saƙo hujjar ɗan'uwanka ce, ka ɗauke ta bayan ka ga farashi ya juya. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: da albasa ta tashi zuwa sidi 1,100, Alhaji ya goge "naka ne", za ka je neman mai ce maka kalma biyu ba ciniki ba ne? Ka nemi gafara, ka koma guruf ɗin ka rubuta a fili cewa kai ka ɗauki kayan, tunda a nan aka ga ka goge.

Ƙofa biyu ce ta rage maka. Idan ka je ka tarar kayan ba yadda aka siffanta ba, ba 'yar Galmi ba ce, ko buhunan ba su cika ba, ko akwai ruɓa da aka ɓoye a ƙasa, kana da haƙƙin mayarwa. Faɗuwar farashi ba aibi ba ce a jikin kaya. Ta biyu, ka je wurin Alhaji da ƙafarka, kada ka tura saƙo, ka roƙe shi ya yafe maka cinikin ko ya rage wani abu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa wanda ya karɓi uzurin mai nadamar ciniki albishir cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Amma alheri ne, ba dole ba, kuma albasa ba ta jira: kowane yini da ka ƙara kana jayayya, ruɓar da ta biyo baya a asusunka take idan kai ne ka ƙi ɗauka.

Kada kuma gaggawar rage asara ta sa ka tallata buhunan nan a guruf kafin ka karɓe su. An hana sayar da abinci kafin a karɓa, albasa kuwa abinci ce. Ka ƙirga, su shiga hannunka, sannan ka sayar.

Nan gaba ka riƙa cika magana: buhu nawa, a kan nawa, yaushe za ka biya, ta Momo ko hannu da hannu. In tunani kake yi, rubuta "ina dubawa". Ka kuma lura mai saƙo yana iya gyara shi cikin minti 15 da turawa, sai kalmar Edited ta fito a jikinsa. Idan aka gyara farashi bayan ka amsa, abin da ka gani lokacin amsawa shi ke kanka, shi ya sa rubuta adadin da hannunka yake kare ka. Wannan hattara ta fi wajaba a guruf na dangi. Wanda aka tambaya "ka saki matarka?" ya rubuta "e" don a ƙyale shi, ya yi iƙirarin da alƙali zai kama shi da shi.

Wallahu a'alam.