Kalmar sirrin waifai tana cikin laftof ɗinka, ko da foldar ta fito wayam

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Laftof ɗin shagona a Taminus tana da Ubuntu 24.04, kullum da kanta take hawa waifai ɗinmu. Yaron da ya saita rautar ya tafi hidimar ƙasa, layinsa ba ya shiga, takardar bayan rautar kuma ta goge. Na yi sabuwar waya ina so in haɗa. An ce in duba /etc/NetworkManager/system-connections, na duba babu komai a ciki. Kalmar ta ɓata ke nan?"

Wa alaikumus salam Malam. Ba ta ɓata ba. Tunda na'urar tana hawa ba tare da ta tambaye ka komai ba, to tana riƙe da kalmar a wani wuri, sai dai ba a inda aka tura ka ba. Kafin komai, abu biyu kada ka taɓa: kada ka danna Forget a jikin sunan waifai ɗin, kada kuma ka soka allura a ɗan ramin da ke bayan rautar. Na farko yana share kalmar daga laftof, na biyu yana mayar da rautar yadda ta zo daga kamfani, kai kuma takardar da ke ɗauke da kalmar kamfanin ta goge.

Ina gyara da sa Linux a kwamfutocin makarantu da shagunan buga takardu a nan Jos, kuma inda nake fara dubawa kullum shi ne inda ba a buƙatar rubuta komai. Buɗe Settings, shiga Wi-Fi, danna ɗan alamar giyar inji da ke gefen sunan da kake kai yanzu, sai ka koma shafin Security. Za ka ga kalmar a matsayin ɗige-ɗige, a ƙasanta akwai ɗan akwati mai suna Show password. Sa masa alama, kalmar za ta fito. Idan ta nemi izini, kalmar da kake shiga laftof da ita take so, ba ta waifai ba.

Amma tunda waya kake son haɗawa, akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Kana zaune a shago, laftof tana kan waifai, danna Ctrl da Alt da T tare, Terminal zai buɗe, ka rubuta:

```
nmcli device wifi show-password
```

Zai nuna maka sunan waifai, irin tsaronsa, kalmar sirrin, sannan ya zana lambar QR a ƙasa. Haska kyamarar wayar a kanta, za ta haɗu ba tare da ka buga harafi ko ɗaya ba. Iyakar wannan umarni ita ce, waifai ɗin da kake kai a lokacin kawai yake nunawa. Idan ka ɗauki laftof ka tafi gida Unguwar Rogo ka buga shi, na gida zai ba ka, ko ya ba ka komai babu.

Don wanda ba ka kai a yanzu, sai ka fara ganin jerin duk abin da na'urar ta adana:

```
nmcli -f NAME,TYPE,TIMESTAMP-REAL connection show
```

A nan mutane da yawa suke zamewa. Sunan da ke layin NAME sunan adanawa ne, ba dole ya zo daidai da wanda waya take gani ba. Bari mu ce waifai ɗinka SHAGO 4G ne. Kana iya ganin SHAGO 4G, a ƙasansa kuma SHAGO 4G 1, domin an taɓa haɗawa sau biyu, na'urar ta buɗe sabon adana ta bar tsohon. Kowanne da kalmarsa, kuma tana yiwuwa ɗaya tsohuwa ce da aka daina aiki da ita tun bara. Shi ya sa na sa TIMESTAMP-REAL a umarnin, yana nuna ranar da aka yi amfani da kowanne na ƙarshe. Mai kwanan yau ko jiya shi ne naka. Sai ka ce:

```
nmcli -s -g 802-11-wireless-security.psk connection show "SHAGO 4G 1"
```

Wancan -s ɗin shi ne izinin nuna sirri, idan ka bar shi kalmar ba za ta fito ba. Alamomin zance da suka kewaye sunan ma dole ne, saboda akwai tazara a cikinsa, in babu su Terminal zai ɗauka sunaye uku ka ba shi. Idan layin ya fito fanko, sake bugawa da sudo a gaba, wato kalmar da ke ba ka cikakken iko a kan na'urar.

Yanzu maganar foldar da ka samu wayam, domin wanda ya tura ka can bai yi ƙarya ba, iliminsa ne ya tsaya a Ubuntu na baya. Shekara da shekaru NetworkManager, wato manhajar da ke kula da haɗin intanet a Ubuntu da Debian da Mint da Fedora, tana ajiye kowane waifai a fayil ɗinsa a cikin wannan folda, suna yana ƙarewa da .nmconnection. A Ubuntu 22.04 da Debian har yanzu haka ne. Idan ka buɗe ɗaya da sudo, sashen da ake nema kamar haka yake:

```
[wifi-security]
key-mgmt=wpa-psk
psk=Rogo2024tasha
```

Abin da ya biyo bayan psk= shi ne kalmar, a rubuce ƙuru-ƙuru, ba a lulluɓe ta da komai ba. Abin da ke tsare ta kawai shi ne, ba mai iya karanta fayil ɗin sai root, wato babban asusun da ke da iko da komai a na'urar. Umarni ɗaya yana zazzage su duka:

```
sudo grep -r '^psk=' /etc/NetworkManager/system-connections/
```

To daga Ubuntu 23.10 aka sauya tsari. NetworkManager ta koma miƙa ajiyarta ga Netplan, wata manhajar saita haɗin intanet ta Ubuntu, kuma 24.04 da ke hannunka a kan wannan tsari take. Waifai ɗin da ka adana yanzu yana zaune a /etc/netplan, a fayil mai dogon suna da ke farawa da 90-NM- ya ƙare da .yaml, tsakiyarsa jerin lambobi da haruffa da ba za ka gane na wane waifai ba ne sai ka buɗe. Duk lokacin da na'urar ta tashi, Netplan yana karanta waɗannan ya ƙera fayilolin wucin gadi a /run/NetworkManager/system-connections, su NetworkManager take aiki da su. Kamar mai shago ne ya koma sabuwar kasuwa ya bar allon sunansa a tsohuwar rumfa. Saboda haka a taka na'urar, wannan ne zai yi aiki:

```
sudo grep -r -B4 'password' /etc/netplan/
```

Wancan -B4 yana sa a nuno layi 4 da suka gabaci kalmar, domin ka ga sunan waifai ɗin da take nasa, in ba haka ba sai ka tashi da kalmomi biyar ba ka san ta wa ce ta wa ba. Kalmar za ta fito a tsakanin alamomin zance. Alamomin ba sa cikinta, kada ka buga su a waya. Na sha ganin mai shago ya kwafe har da su, waya ta ƙi, ya dawo yana rantsuwa cewa kwamfutar ƙarya take yi.

Karanta kawai za ka yi a waɗannan wurare. Wasu idan suka ga Permission denied sai su buga chmod su buɗe fayil ɗin ga kowa don su huta da sudo. Abin da ke biyo baya a tsohuwar foldar nan ta fayilolin .nmconnection shi ne, NetworkManager ba ta yarda da fayil ɗin haɗi da wani bayan root zai iya karantawa, sai ta yi watsi da shi. Ana sake kunna na'ura, waifai ɗin ya ɓace daga jeri, ga kalmar sirrin kuma a buɗe ga duk wanda ya zauna a kan laftof ɗin.

Akwai hali guda da na fi cin karo da shi a kwamfutar da mutum fiye da ɗaya ke amfani da ita, musamman mai fuskar allo ta KDE irin Kubuntu. Ka buɗe fayil, sunan waifai yana nan, amma babu layin psk=, sai wani layi psk-flags=1. Ma'anarsa, lokacin adanawa an zaɓi Store the password only for this user, don haka kalmar ba ta shiga fayil ɗin kowa da kowa ba, tana cikin ma'ajiyar sirrin wannan mutum ɗaya. A Ubuntu ana buɗe ta da manhajar Passwords and Keys, a KDE kuma KWalletManager. Dole sai an shiga da asusun wanda ya adana. Idan yaron naka yana da nasa asusun daban a laftof ɗin, ka lura da wannan, sai dai tunda tana hawa daga naka asusun, da wuya ya shafe ka. Idan kuwa psk-flags=2 ka gani, an ce mata ta riƙa tambaya kowane lokaci, ba ta adana komai ba, babu umarnin da zai fito da abin da ba a ajiye ba.

Idan abin da ya fito wani dogon jeri ne mai harafi 64, lambobi 0 zuwa 9 da haruffa a zuwa f kaɗai, wannan ba ita ce kalmar da aka zaɓa ba. Kalmar waifai ta WPA2 tana tsakanin harafi 8 zuwa 63. Mai 64 makulli ne da aka lissafo daga kalmar haɗe da sunan waifai, ba a juya shi ya koma kalmar asali. Wata laftof mai Linux za ta karɓe shi a gurbin kalmar sirri ta hau lafiya. A irin wannan hali ni nakan shiga shafin rautar daga laftof ɗin da ke kanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ƙananan maifai na aljihu kuma sau da yawa 192.168.8.1, in duba kalmar a can, matuƙar an san kalmar shiga shafin.

Wajen kwafewa da hannu, ƙara girman rubutun Terminal da Ctrl da Shift da + kafin ka fara. Ƙaramin l da babban I da lamba 1 suna rikita ido, haka O da 0. Idan kalmar tana da alamar : a cikinta, umarnin nmcli mai -g yana sa \ a gabanta, wannan ƙarin ba na kalmar ba ne. Sa -e no bayan nmcli, za ta fito tsaf yadda take.

Idan ka buga daidai wayar ta ci gaba da ƙi, alhali laftof tana kan waifai ɗin tana buɗe shafuka, to kalmar ba ta da laifi. Ka duba a shafin rautar ko yaron ya kunna MAC Filter, wato jerin na'urorin da aka yarje wa shiga, domin masu shago da yawa suna sa a kunna shi saboda maƙwabta masu shanye data. Sabuwar wayarka ba ta cikin jerin, sai an ƙara ta. Turo mana abin da umarnin jerin sunayen nan ya nuna idan ka maƙale, shi ba ya ɗauke da kalmar sirri, amma sakamakon grep kada ka saka shi a nan.