Kwat, mayafin wuya da takalmi a sanyin Lil: wanne za a fara saya?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Daga Garwa na zo karatu garin Lil a arewacin Faransa, ga Oktoba ta kusa ƙarewa. Yuro 250 ne a hannuna. Wane kwat, wane mayafin wuya da wane takalmi zan saya su dace da juna? Atamfa da abaya nake sawa, da hijabi."

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da hanya. Fara da kwat, wanda a can suke kira manto, ki ba shi kamar rabin kuɗin. Shi ido zai riƙa gani a jikinki kullum daga Nuwamba har Maris, sauran kayan binsa za su yi.

Sanyin Lil ba irin hunturun Garwa ba ne, mai bushewa da ke gudu da zarar hantsi ya ɗaga. Can da rana yakan tsaya tsakanin digiri 5 zuwa 7 a Janairu, da dare ya sauko kusa da sifili, amma yayyafi da iska ne ke shiga ƙashi. Saboda haka ki nemi kwat mai kaiwa gwiwa ko ya ɗan wuce. Gajere mai tsayawa a ƙugu yana raba mai abaya gida biyu, sama kumbure ƙasa sirit, kuma cinya ta sha iska. In kina nema a waya, rubuta "manteau long laine", ki duba yawan ulun da ke ciki: kashi 60 cikin ɗari zuwa sama. Wanda yawancinsa zaren roba ne yana da kyau a shago, amma bayan 'yan makonni sai ki ga ƙananan ƙulle-ƙulle a hammata da inda jaka ke goga, ɗuminsa ma kaɗan ne. Ranar gwaji ki je da suwaita mai kauri a jiki, ki ɓalla maɓallai duka, ki miƙa hannu gaba kamar za ki rungumi wani. In bayan ya ɗame, ya yi miki kaɗan.

Batun launi kuwa, atamfarki ta riga ta cika magana, kwat sai ya yi shiru. Shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu, ba zane ba ratsi. Baƙi ba laifi, sai dai baƙi kan baƙar abaya ba safai suke zama baƙi iri ɗaya ba, ɗaya zai fito kamar ya koɗe, kuma duk wani zare da ya zubo daga mayafi a kansa zai bayyana. Ruwan ƙasa mai haske yana da kyau a hoto, amma wuyansa da bakin hannunsa suna saurin yin dauɗa, ga wankin ulu sai a shagon wanki.

Takalmi ya bi kwat: baƙi, ko ruwan ƙasa mai duhu in kin ɗauki shuɗin. Ki sayi mai rufe idon sawu, na fata, mai ƙasan roba da tsage-tsage masu zurfi. Juya shi ki duba, in ƙasan sumul yake ki ajiye, jiƙaƙƙen daɓen duwatsun tsohon garin Lil ba ya raga wa kowa. Ki ƙara lamba ɗaya, mai sa 39 ta ɗauki 40, domin safar ulu ta samu wuri. Matsattsen takalmi yana tauye gudun jini, yatsu su daskare ko da safa biyu. In ya jiƙe kada ki jingina shi da na'urar ɗumama ɗaki, fatar za ta tsattsage. Cusa masa takardar jarida ki bar shi ya sha iska. Sannan ki sa tela ya rage abayar da kamar santimita 3 zuwa 4, kada leɓenta ya riƙa sharar ruwan titi yana shafa wa takalmin.

A mayafin wuya ne mutanenmu suka fi tafka kuskure, don sun manta hijabi ma launi ne, kuma su biyun manne suke a ƙarƙashin haɓa. Ɗaya kaɗai zai yi ado. Misali kin sa atamfa mai kore da ruwan ɗorawa, kwat shuɗi: hijabi ya ɗauki koren atamfar, mayafin wuya ya zama ruwan toka zalla. Ranar baƙar abaya sai ki juya, hijabi ruwan toka, mayafi ruwan goro ko ja mai duhu. Mayafai biyun nan sun ishe ki. Tsawon mayafin ya kai santimita 180, faɗi kamar 30: ki ninka biyu, ki zagayo wuya, ki zura bakin cikin madaukin, ki tura cikin kwat ya toshe ƙirji. Mai kauri sosai a kan hijabi yana haɗiye wuya. Mai gashi-gashi kuma yana zuba, goga shi a hannun kwat ɗin tun a shago ki gani.

Rabon kuɗin: yuro 130 kwat, 90 takalmi, 30 mayafi da safa. Kwat na gwanjo ba abin kunya ba ne, a nan ma ake tsintar ulu na gaske da araha, ki dai duba shafin ciki da hammata. Takalmi kam sabo, don na gwanjo ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wata. Mayafi na biyu ki bari sai an fara ragin farashi na Janairu.