Sanarwar koyon sana'a: a saka kuɗin fom da BVN?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta agaji za ta koya wa matasa 40 ɗinki da gyaran waya a Fagge. Shugabanmu ya ce in rubuta a takardar sanarwa cewa a zo da BVN da naira 1,000 kuɗin fom, don a tace marasa niyya. Ina tsoron a ɗauke mu 'yan damfara. Yaya zan rubuta?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Ga yadda zan tsara ta:

"Koyon ɗinki da gyaran waya kyauta, wata uku. Gurbi 40 ne, na maza da mata 'yan shekara 18 zuwa 30 mazauna Ƙaramar Hukumar Fagge. Ba a buƙatar takardar makaranta. A karɓi fom a ofishinmu, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana. Za a rufe karɓa ranar Alhamis, 30 ga Afrilu, 2026. Ba ma karɓar ko sisi, ba ma tambayar BVN."

Ki ƙara adireshi, da lambar waya ɗaya, da lambar rajistarku ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Kada ki manta da shekarar, domin sanarwa takan yi ta yawo a WhatsApp bayan an daɗe da yaye ɗalibai.

Sai maganar shugabanku, wadda na gaji da jinta a bakin masu ƙungiyoyi. Naira 1,000 ba ta tace marar niyya, talaka take korewa. Yarinyar da kuka buɗe ajin dominta ita ce za ta fara juyawa gida. Kuma da zarar kun rubuta kuɗin fom, kowane ɗan unguwa zai iya gurza fom ɗinku ya sayar da sunanku, ba ku da bakin musantawa tunda ku kuka ce ana biya.

BVN ta fi muni. Me mai koyar da ɗinki zai yi da lambar banki ta ɗalibi? Da irin wannan aka cuci matasa a shafukan N-Power na bogi: a karɓi BVN da ranar haihuwa, a kira mutum da sunan ma'aikacin banki, a karanto masa bayanansa har ya saki jiki ya faɗi lambar sirrin da aka turo masa. In ƙungiyar kirki ma tana tambaya, ta yaya yaro zai gane ɓarawo? Ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ce a tsaya kan bayanan da aiki yake buƙata kawai. Littafin rajista cike da BVN a kan teburin ofis amana ce da ba za ku iya tsarewa ba.

In tacewa yake so, ya kira masu nema ganawa ta minti biyar, kowa ya zo da shaidar mai unguwa. In akwai kuɗin mota, a karɓi lambar asusu bayan an ɗauki mutum.