Hukuncin saƙon ƙauna ga matan aure biyu a goman ƙarshe na azumi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Maradi, matana biyu. Da goman ƙarshe na azumi ya kama, ɗinkin Salla ba ya barina in shiga gida sai wajen ƙarfe 2 na dare, in fita bayan Asuba. Nakan tura musu ƴan kalmomi masu daɗi ta WhatsApp don kada su ga na yi watsi da su. Shin hakan yana taɓa azumina? Kuma ya halatta in tura wa amarya ranar girkin uwargida? Wani lokaci saƙo ɗaya nake tura wa duka biyun.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asalin abin da kake yi halal ne, kuma ana fatan lada a kansa. Allah ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 19, a zauna da mata da kyautatawa, kuma wanda aiki ya hana shi zaman gida, magana ce ta rage masa. Annabi (SAW) bai ɓoye son iyalinsa ba: Amru ɗan Asi ya tambaye shi wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Saboda haka kunyar da muka gada kada ta sa ka ɗauka faɗin "ina kewarki" ga matarka zubar da girma ne. A fiƙihu rubutu yana ɗaukar hukuncin furuci, saƙon murya kuwa furucin ne kansa.

Game da azumi, kalmar so ba ta karya shi. Abin dubawa shi ne inda kalmar take kai mai faɗinta da mai karanta ta. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, sun haɗa sumba da tunanin sha'awa a hukunci ɗaya ga mai azumi: makaruhi ne in mutum ya tabbata ba abin da zai fito masa, haram ne in bai tabbata ba. In maziyyi ya fito ta wannan hanya, sai ramuwar yini ɗaya. In kuwa mutum ya zarce da tunanin da gangan har maniyyi ya fito da rana a Ramadan, to ramuwa da kaffara: ciyar da miskinai 60, kowa mudun Annabi ɗaya, ko azumin wata 2 a jere.

Don haka ka raba saƙonninka gida biyu. Na rana, daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, su tsaya ga tausayi da godiya da addu'a. Misali da hantsi: "Hajiya, sannu da aikin sahur. Na fita kina barci, ban so in tashe ki ba. Allah ya saka miki da alheri." Ko da La'asar: "Ina kan keke amma hankalina yana gida. Ki ajiye mini kununki ko da zan yi dare." Waɗannan babu karhanci a cikinsu. Amma siffanta jiki, da tuna abin da ya wakana a shimfiɗa, da hoton kwalliyar ɗaki, a bar su sai an sha ruwa, lokacin da aya ta 187 a Suratul Baƙara ta halatta abin da ya fi su. Ma'aunin yana jikinka: in ka ga kana komawa kana sake karanta saƙo don jin daɗin da yake motsa maka, ka ajiye wayar. Ka tuna kuma ita ma azumi take yi. Kana iya rubuta abin da bai motsa ka ba, ka koma ɗinkinka, ita kuwa ka bar ta da ramuwa.

Batun ranar girki shi ya fi buƙatar natsuwa. Rabon da shari'a ta wajabta tsakanin mata rabon kwana ne, kuma a mazhaba ba a shiga ɗakin kishiya a ranar wata sai da buƙata. Amma an halatta ya tsaya bakin ƙofarta ya yi sallama, ya tambayi lafiyarta. Abu Dawuda ya ruwaito daga A'isha cewa Annabi (SAW) yakan zagaya matansa duka, ya kusanci kowace ba tare da saduwa ba, har ya isa ga mai ranar ya kwana wurinta. Abin da nake gani shi ne gajeren saƙo ya fi sallamar bakin ƙofa sauƙi, don haka ya halatta ka tura wa amarya ranar uwargida, haka ma uwargida ranar amarya.

Sai dai ka dubi halinka na wannan mako. Kana shigowa ƙarfe 2, sahur kuma wajen ƙarfe 4 da rabi ne, wato abin da mai girki take samu daga gare ka bai kai awa 3 ba, rabinsa ma barci. In ka zauna bakin gadonta kana taɓa waya, kana murmushi ga saƙon ɗayar ɗakin, ka kwashe ɗan abin da ya rage mata ka miƙa wa wata, wannan kuwa cutarwa ce ko da jikinka bai bar ɗakin ba. Ka gama saƙonninka tun kana shago. Da ka taka zaure, ka rufe wayar. In da larura, kamar yaro ba lafiya, wannan daban ne.

Daidaita adadin saƙo ko zaƙinsa ba wajibi ba ne, domin aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta nuna ba a iya daidaita zuciya. Amma ayar ta hana karkata gaba ɗaya har a bar ɗaya kamar ratayayya. Mako guda amarya tana samun saƙo safe da yamma, uwargida kuwa ba ta ganin komai sai "an kawo cefane?", wannan hanyar karkatar ce, kuma a gida ɗaya ba ya ɓoyuwa. Saƙo 2 a yini ga kowace ya wadatar. In ɗaya ba ta karanta boko, yi mata na murya, ko da na rabin minti ne.

Tura saƙo ɗaya ga duka biyun ba haram ba ne in abin da ke ciki gaskiya ne a kan kowace, kamar addu'a. Amma ban so maka shi. Matar da ta gane saƙo ɗaya aka tura musu ta san ba don ita aka rubuta ba. Ka ambaci abin da yake nata ita kaɗai: miyar da ta yi jiya, tarin da ka ji tana yi da dare, atamfarta da ka yanka yau. Ƙarin gishiri wajen yabo an yi rangwame a kansa, saboda hadisin Ummu Kulsum ƴar Uƙba a Muslim game da zancen miji da matarsa. Rangwamen bai shafi alkawarin da ba ka nufin cikawa ba, irin su "kayanki zan fara gamawa" alhali na masu biya ne a gabanka, bai kuma shafi rantsuwa da Allah a kan ƙarya ba. Kada ka yabi ɗaya ta hanyar kushe ƴar'uwarta, wannan giba ce, kuma rubutu yana zama a waya har ranar da za a nuna shi.

Daga nan sai sirri. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda yake yaɗa abin da ke tsakaninsa da matarsa, kuma a gidajenmu waya takan bi hannun yara da ƙanne, a shago ma yaran aiki suna ɗauka su duba hoton ɗinki. Ka sa wa wayarka makulli, ka duba sunan da ke saman allo kafin ka tura, musamman da dare in ido ya yi nauyi, kuma duk abin da ya shafi shimfiɗa ku goge shi bayan an karanta. Hoton tsiraici kada a tura shi ko da an sha ruwa, domin waya tana ɓata, ana kuma kai ta wurin mai gyara.

Allah ne Mafi sani.