Mayar da zaren imel PDF guda

"Ina so in adana wasiƙun cinikin fili, ni da dillali, a PDF ɗaya, bi da bi. Yaya zan yi?"

Malam, buɗe zaren a Gmail ta kwamfuta, ka danna Print all, a wajen Destination ka zaɓi Save as PDF. Zai jero su daga ta farko zuwa ta ƙarshe, kowace da mai aikowa, rana da lokaci.

Amma hattara da takardun da aka maƙala. Galibi sunayensu kawai za ka gani a ƙarƙashin wasiƙa, cikakken abin da ke ciki ba ya shiga. Sauke rasit da taswirar filin daban, ka ajiye su wuri ɗaya da PDF ɗin.

Idan an taɓa canza kan wasiƙar, Gmail ya raba zaren biyu, sai ka nemo ɗayan.