An cire min kuɗi, banki sai "ki yi haƙuri"

Tambaya: Na biya dila naira dubu 480 da katina a na'urar POS a Kantin Kwari. Rasit ya nuna ciniki bai shiga ba, amma an cire kuɗin. Yau kwana tara ina magana da banki ta manhajarsu, kullum sai su ce ana dubawa. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, ki daina zarya a wannan hirar. Wanda ke amsa miki ba shi ke mayar da kuɗi ba, kuma tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna awa 72 su warware rikicin POS. Naki wa'adin ya wuce har sau uku.

Fara da duba ko sun ba ki lambar ƙorafi. Ita ce shaidar ranar da kika kai kuka, kuma daga ranar ake lissafi. In babu, tamkar ba ki yi magana ba. Ki ɗauki hoton hirar tun daga farko, don wasu manhajojin suna goge ta.

Gobe da safe ki je reshe da takarda kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ki dawo da ita. Da Turanci za a rubuta, amma ga abin da za ta ƙunsa:

"Ranar kaza, da ƙarfe kaza, an cire naira 480,000 daga asusuna mai lamba kaza ta POS, alhali rasit ya nuna cinikin bai yiwu ba. Na sanar da ku ranar kaza. Ina neman a mayar min da kuɗin, a kuma ba ni lambar ƙorafi a rubuce. In ba a warware ba cikin mako biyu, zan kai maganar Babban Banki."

Ban da zagi, ban da labarin asarar kasuwa. Ki haɗa da hoton rasit, musamman lambar RRN da ke jikinsa, wato lambar da ake bin sawun cinikin da ita, da bayanin asusu na ranar. Kafin nan ki roƙi dilan ya duba nasa asusun. Wani lokaci kuɗin kan faɗa masa daga baya, to a nan kaya za ki karɓa, ba banki za ki bi ba.

Mako biyun nan kada ki tsallake shi. Wanda ya garzaya Babban Banki bai fara da bankinsa ba, komawa ake ce masa ya yi. Tunda ba ki ambaci lambar ƙorafi ba, ki ƙirga daga ranar hatimi. Ranar da ya cika, ki tura takardar mai hatimi, lambar ƙorafin da amsoshin da suka ba ki zuwa cpd@cbn.gov.ng, ko ki kai reshen Babban Banki na Kano. Katin kansa da lambar sirri ba sa cikin abin da ake turawa, ko wa ya nema.