Man suya da ya fara wari, a ci ko a zubar?

"Salam 'yan uwa, ina da man gyaɗa kusan rabin galan, na yi ta suya da shi tun azumi, yanzu ya yi duhu kuma yana wani irin wari. In na soya albasa a ciki zai gyaru? Wallahi mai ya yi tsada."

Wa alaikis salam 'yar uwa. Ni sana'ata ƙosai da awara ce shekara da shekaru, to ki saurara. Wari iri biyu ne. Akwai ƙarnin kifi ko ƙamshin abin da kika soya da ya kama man, wannan albasa ko ɗanyar citta tana rage shi, kuma man lafiyarsa lau. Akwai kuma warin tsufa, mai kama da na fenti, wanda in kika ɗan lasa sai ki ji ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro. Wannan man kansa ne ya lalace saboda iska da zafi da hasken rana, albasa rufe warin kawai za ta yi, ba ta mai da shi sabo ko buhu guda kika yanka.

Ki ɗibi ludayi biyu ki ɗora a kasko ki gani da idonki. In ya fara hayaƙi tun bai yi zafin suya ba, ya mutu. Ki jefa ɗan ƙullu ko yankan dankali, mai mai kyau zai yi ƙananan ƙwai-ƙwai a gefensa su ɓace, lalatacce kuwa kumfa ce za ta taso ta rufe kaskon ta ƙi kwanciya, waje ya yi baƙi ciki bai nuna ba, abin kuma ya sha mai sharkaf. In ya huce ki taɓa, za ki ji yana danƙo a yatsa. Duhu kaɗai ba hukunci ba ne, don wani lokacin ɓurɓushi ne ya ƙone, in aka tace sai ya washe, amma duhu da wari da kumfa in suka haɗu ni kam ba na ba yarana. Ba wai yau za ki ci gobe ki kwanta ba, sai dai yana kawo ƙwarnafi, kuma yawan cinsa ba alheri ba ne ga zuciya da jijiyoyin jini.

Kuma don Allah kar ki zuba sabo a kansa wai ki rage asara, tsohon ne zai ja sabon su lalace tare da wuri.

Gaba in kin gama suya ki bari ya huce, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, nesa da murhu da taga. Na kifi daban, sau biyu ko uku ya isa, na dankali ya fi jurewa. Wannan na hannunki kuwa kar ki tuttular a sinki, toshewa zai yi, ki ba masu haɗa sabulun wanki.